Jan wake mai siffar ƙoda: abin da ya sa sai ya tafasa sosai kafin a ci

Mutumin Zango ya tashi da wake a bakinsa. Ƙosai da koko da safe, shinkafa da wake da rana, wadda duk Kumasi ke kira waace, sunan da daga kalmarmu ta wake ya fito, ga tubani, ga gari da wake da soyayyar ayaba. Wannan sabo ne ya sa idan aka ce wa mai girki a Aboabo ko Asawase akwai waken da ƙwaya huɗu ko biyar ɗinsa za su iya sa babban mutum amai da gudawa, sai ta yi dariya. Tana da hujja, domin waken da ta sani ba ya yin haka. Amma akwai wani baƙon wake da ake samu yanzu a manyan kantuna da wasu rumfunan Kejetia, a leda ko a gwangwani, wanda masu girkin biki ke zubawa a salak don launinsa. Ja ne mai duhu, dogo, fatarsa na sheƙi, ya lanƙwashe kamar ƙodar akuya. A takardar jikin leda sunansa kidini bins, mu kira shi waken ƙoda. Kamanni ne kawai ya haɗa shi da namu.

Wakenmu na gida, fari mai baƙin ido da ja da ruwan ƙasa, asalinsa nan Afirka ne. Waken ƙoda daga nahiyar Amurka ya fito, danginsa su ne farin waken da ake sa wa miyar tumatir a gwangwani, da baƙin wake, da koren waken da ake yankawa a soyayyar shinkafa. Inda ake rikicewa shi ne wakenmu ma yana da ja, kuma masu waace da yawa shi suka fi so. Hanyar rarrabewa ba ta da wuya idan aka ɗora su a tafin hannu. Jan wakenmu ƙarami ne, gajere, sau da yawa fatarsa ba ta sheƙi sosai. Waken ƙoda ya kusa ninka shi a tsawo, tsawon ƙwaya ɗaya ya haura santimita ɗaya da rabi, fatarsa tana da kauri da santsi kamar an shafa mata mai. Wanda ya saye shi da tunanin cewa jan wake ne mai ƙiba kawai, zai dafa shi yadda ya saba, kuma a nan matsala take farawa.

Abin da ke cikin ƙwayar

Irin shuke-shuke da yawa suna ɗauke da wasu sinadaran furotin da ake kira lektin, waɗanda ke kare ƙwayar daga ƙwari da dabbobi. Halin lektin shi ne manne wa sukarin da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta. Na waken ƙoda sunansa faitohimagulutinin, kuma sunan ya samo asali ne daga abin da yake yi a ɗakin gwaji: idan aka ɗiga shi a jini, jajayen ƙwayoyin jini sai su dunƙule wuri guda. Da wannan dunƙulewar ake auna ƙarfinsa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba da alƙaluman da aka fi kafa hujja da su: ɗanyen waken ƙoda ja yana da awo 20,000 zuwa 70,000, wanda ya dahu sosai kuma 200 zuwa 400 kacal. Farin waken ƙoda yana da kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da ja ke da shi. Wato dahuwa ta gari tana rage dafin kusan sau ɗari ko fiye, ragowar kuma ba ya cutarwa.

A cikin jiki ba jini yake nufa ba, hanji yake kamawa. Yawancin furotin da muke ci, ruwan ciki ne ke fara narkar da shi kafin ya yi nisa. Wannan lektin yana jure wa ruwan ciki, ya isa ƙaramin hanji da ƙarfinsa, ya manne wa fatar cikin hanjin, ya dagula aikinta na tsotsar abinci da ruwa. Jiki sai ya nemi fitar da shi ta sama da ta ƙasa. Shi ya sa ciwon ke zuwa da wuri: tsakanin awa ɗaya zuwa uku bayan cin abinci sai tashin zuciya mai tsanani, sai amai, wanda wani lokaci yakan yi yawa har mutum ya galabaita, daga baya gudawa da murɗar ciki su biyo. Yawanci babu zazzaɓi. Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin awa uku zuwa huɗu da fara ciwon, ko da yake akwai waɗanda sai an kwantar da su an ƙara musu ruwa. Tsananin ciwon yana tafiya ne da yawan waken da aka ci.

Wannan ba sabon abu ba ne ga likitoci. A Birtaniya, tsakanin 1976 da 1989, an kai rahoton aukuwa hamsin da ake zargin waken ƙoda ne sanadinsu, kuma abin da ya yi ta maimaituwa shi ne waken da aka jiƙa aka ci ba a dafa ba, ko aka dafa sama-sama. A Japan a 2006 wani shirin talabijin ya koya wa masu son rage ƙiba su soya farin waken ƙoda a busasshen kasko na 'yan mintoci, su niƙa, su barbaɗa a shinkafa. Mutane da dama suka kwanta da amai da gudawa. Wannan na biyun ya fi shafarmu, za a ga dalili idan an zo maganar gari.

Zafi da tafasa ba ɗaya ba ne

Lektin furotin ne, kuma ƙarfinsa yana cikin yadda ya naɗe kansa. Idan zafi ya warware naɗin, ba ya iya manne wa komai, ya zama abinci kamar kowane furotin. Abin da ke faruwa da farin ƙwai ke nan idan ya dahu: ya sauya, ba ya komawa yadda yake. Sai dai farin ƙwai yana sauyawa tun zafi bai kai ko'ina ba, shi kuwa wannan lektin yana da taurin kai. Yana bukatar zafin tafasasshen ruwa, digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma yana bukatar ruwa ya ratsa cikin ƙwayar. Busasshen zafi ba ya yi masa illa kamar zafi mai ruwa.

Gwaji ya nuna cewa minti goma na cikakkiyar tafasa suna lalata dafin a waken da aka jiƙa. Shawarar da ake bayarwa a Birtaniya ita ce a tafasa da ƙarfi minti goma, sannan a rage wuta a ci gaba da dafawa minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya. Hukumar Amurka ta ce minti talatin na tafasa, don a tabbata zafin ya kai tsakiyar kowace ƙwaya. Ga mai dafa babbar tukunya a murhun gawayi, minti talatin ɗin ya fi dacewa, domin wutar gawayi ba ta tsayawa a ƙarfi ɗaya, kuma gefen tukunya da samanta ba sa samun zafin da gindinta ke samu. Tudun Kumasi bai kai ya sauya lissafi ba: garin yana kimanin mita 250 sama da teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 99.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne rabin dahuwa ta iya fin ɗanye haɗari. Hukumar ta Amurka ta kawo rahoton cewa waken da aka ɗumama zuwa digiri 80 kawai, dafinsa na iya ninka na ɗanye har sau biyar. Ko da an ajiye wannan a gefe, akwai dalili na fili: babu mai iya tauna busasshen wake cokali guda, amma waken da ya yi ɗan laushi a cikin miya mai daɗi, mutum zai ci faranti. Digiri 80 kuwa ba ruwa mai ɗumi ba ne. Yana tururi, yana ƙona hannu, ƙananan kumfa na tasowa daga gindin tukunya, murfi na gumi. Ido zai ce ana dahuwa. Cikakkiyar tafasa daban take: manyan kumfa suna fashewa a ko'ina a saman ruwa, wake yana juyawa sama da ƙasa da kansa, kuma idan aka sa muciya aka juya, tafasar ba ta tsayawa. Daga lokacin da aka ga haka ake fara duba agogo, ba daga lokacin da aka ɗora tukunya ba.

Misali da tukunyar suna

A ɗauka mai girki ce aka ba aikin abincin suna a Sabon Zango, za ta yi salak na mutum tamanin, ta sayi busasshen waken ƙoda kilo biyu saboda ya fi na gwangwani araha. Ta jiƙa shi da daddare, wanda daidai ne. Da asuba wake ya sha ruwa, ya kumbura, nauyinsa ya koma kusan kilo huɗu. Tana da lita biyar na ruwa yana tafasa a kan gawayi, ta juye waken a ciki, ta dubi agogo, ta ce minti ashirin sun isa tunda ba ta so ya farfashe a cikin salak.

A lissafa abin da ya faru a tukunyar. Lita biyar na ruwa mai digiri 99 sun haɗu da kilo huɗu na jiƙaƙƙen wake mai sanyin ɗaki, wajen digiri 27. Zafin cakuɗar yana faɗuwa zuwa tsakanin 70 da 75. Kafin gawayi ya sake ɗaga kilo tara na ruwa da wake zuwa tafasa, kwata na awa na iya wucewa, musamman idan gawayin ya fara cinyewa ko an buɗe murfi. Cikin minti ashirin ɗinta, watakila biyar ne kawai na tafasa, sauran duk a wancan yanki na 75 zuwa 90 da ba ya kashe dafi. Ta tsame, ta zuba ruwan sanyi, ta ɗanɗana ƙwaya ɗaya: ta taunu, da ɗan ƙarfi a tsakiya, abin da take so ke nan don salak. Aka haɗa da latas da kabeji da ƙwai da kirim. Kowane faranti ya sami cokali biyu, wato ƙwaya ashirin ko fiye. An ci da ƙarfe ɗaya na rana. Kafin la'asar ta yi nisa, waɗanda suka ci salak sun fara amai, waɗanda suka tsaya a tuwo da shinkafa lafiyarsu ƙalau.

A irin wannan hali kirim ake fara zargi, ko ƙwai, ko a ce wani ya sa hannu a abincin, kuma zumunci na iya ɓaci a kan abin da agogo ne ya jawo shi. Gyaran kuwa ba shi da tsada. Wake kilo biyu a jiƙa shi a ruwan da ya ninka shi sau uku, aƙalla lita shida, awa biyar mafi ƙaranci, awa goma sha biyu ya fi. Da zafin Kumasi, idan jiƙon zai wuce dare ɗaya a sa shi a firji ko a sauya ruwa, don kada ya fara tsami. A zubar da ruwan jiƙon, a ɗauraye. A zuba sabon ruwa ya rufe waken ya haura da kamar tsawon yatsa, a rufe tukunya don ta yi saurin tafasa, a ƙara wuta. Idan ta tafasa sosai a ɗan janye murfi saboda kumfa, a fara ƙirga minti talatin, wuta ba ta raguwa. Idan ruwa ya ja baya, a ƙara tafasasshe daga buta, domin ruwan sanyi zai mayar da tukunya baya, kuma mintocin da ta yi ba ta tafasa ba a cire su daga lissafi. Bayan haka a rage wuta a bar shi ya ƙarasa, abin da kan ɗauki wani rabin awa zuwa awa ɗaya gwargwadon tsufan waken. Idan tukunya ɗaya ta yi wa murhu girma, a raba biyu.

Tsoron farfashewa, wanda shi ne ainihin abin da ya sa ta gajarta dahuwa, yana da magani daban. Waken da ya jiƙu sosai ya fi riƙe fatarsa, ɗan gishiri a ruwan jiƙo ko na dahuwa yana taimakawa, kuma barinsa ya huce a cikin ruwan dahuwarsa ya fi a tsame shi da zafi a watsa masa ruwan sanyi. Ana gane ya yi idan aka matse ƙwaya tsakanin yatsa biyu ta murƙushe gaba ɗaya kamar dafaffen dankali, launi ɗaya daga fata har ciki. Idan aka raba ta biyu aka ga fari-fari mai gari a tsakiya, ko ta yi ƙaras a haƙori, da saura. A gwada ƙwaya biyar daga wurare daban-daban na tukunya, domin ba tare suke dahuwa ba.

Inda dabarun girkinmu ke yaudara

Tauri shaida ce cewa wake bai dahu ba, amma laushi shi kaɗai ba shaida ba ce cewa ya tafasa. Kanwa ce ta fi nuna wannan. Mai waace tana jefa kanwa tare da karan dafi don wake ya yi laushi da wuri, launi ya fito. Kanwa tana sassauta abin da ke riƙe ƙwayoyin cikin waken da juna, sai ya yi taushi a lokacin da bai kai na da ba. Ga wakenmu wannan tanadin gawayi ne. Ga waken ƙoda, yana nufin yatsa zai iya cewa ya yi tun agogo bai ce ba. A sa kanwa idan ana so, amma minti talatin ɗin suna nan.

Tumatir da duk wani abu mai tsami suna yin akasin haka. Idan aka zuba jiƙaƙƙen wake kai tsaye a cikin miyar tumatir, tsami yana hana shi laushi, kuma miya mai kauri ba a iya barinta ta tafasa da ƙarfi don za ta kama gindi. Sai a rage wuta, miya na ɗan ɓul-ɓul a tsakiya, waken da ke gefe da sama yana zaune a zafin da bai isa ba. Saboda haka waken ƙoda a ruwa zalla ake dafa shi tukuna, ya gama, sannan ya shiga miya. Haka ma a shinkafa da wake: kada a zuba shinkafa da fatan wake zai ƙarasa tare da ita. Da zarar shinkafa ta shanye ruwa, an rage wuta an rufe da leda ko takarda, tafasa ta ƙare.

Tukwanen lantarki sun kasu. Akwai wadda aka ƙera don dafa abinci a hankali na awa shida ko takwas, wadda 'yan uwa ke aiko wa daga Turai da Amurka. A gwajin da aka yi, zafin abinci a cikin irinta sau da yawa bai wuce digiri 75 ba, kuma an sha danganta ciwon waken ƙoda da ita. Wake zai iya kwana a ciki ya fito da dafinsa. Duk mai son amfani da ita ya tafasa waken a tukunya ta daban tukuna. Tukunyar lantarki ta dafa shinkafa tana tafasa ruwa da gaske, amma tana komawa ɗumamawa da kanta idan ruwa ya ƙafe, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki babu wanda ya san minti nawa ta yi. Kula ta ajiye abinci da zafi ma haka: tana riƙe abin da ya dahu, ba ta dafa abin da bai dahu ba. Wadda ba ta da wannan matsala ita ce tukunya mai matsin tururi, mai fito, domin zafin cikinta yana kaiwa digiri 115 zuwa 120. Jiƙaƙƙen wake yana dahuwa a cikinta cikin kusan kwata na awa daga lokacin da ta fara fito, sai dai kada a cika ta fiye da rabi saboda kumfar wake na iya toshe hancin tururin.

Na gwangwani an riga an dafa shi a masana'anta a zafin da ya haura na tafasa, don haka ana iya buɗewa a ɗauraye a zuba a salak kai tsaye. Ga mai salak na mutum goma, gaskiya shi ya fi hankali. Abin dubawa a nan shi ne gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, wanda matsalarsa ta daban ce.

Sai maganar niƙa, inda labarin Japan ya shigo. Ƙosai da tubani da alale duk daga ɗanyen wake ake niƙa su, kuma ƙosai mintoci kaɗan yake yi a mai. Man yana da zafi sosai, amma tsakiyar ƙosai ba ta wuce zafin tafasar ruwa, kuma ba ta daɗewa a can. Wakenmu yana da ƙarancin lektin, wannan ɗan lokaci ya ishe shi. Waken ƙoda bai dace da wannan hanya ba, kada a musanya shi da namu a ƙullun ƙosai ko da shi ne ya rage a gida. Haka garin kunun yara da ake soya masara da gyaɗa da wake a kasko a kai inji: suya a busasshen kasko tana ƙona bayan ƙwaya ta bar cikinta, kuma kunun ba ya daɗewa a wuta. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai jure shi zai kayar da shi. Sanyin firiza ba ya kashe dafin, shanya a rana ma haka, jiƙo kuma kaɗan yake cirewa. Kwanon jiƙo ma a ɗaga shi daga inda yara ke wasa, domin jiƙaƙƙen waken ƙoda yana taunuwa kuma launinsa na jan ido.

Tsohon wake wata matsala ce. Wanda ya daɗe a ajiye a wuri mai zafi da laima, irin yanayin shagunan Kumasi da damina, yana taurin da ko an dafa shi awa biyu ba ya laushi daidai. Ana gane shi tun a jiƙo: wasu ƙwayoyi sun kumbura, wasu suna nan ƙanana da fata a yamutse. A tsince waɗanda suka ƙi shan ruwa a zubar, domin su ne za su fito da ɗanyen ciki. Kuma kada a gauraya ragowar tsohuwar leda da sabuwa a tukunya ɗaya.

Sauran wake

Waken suya yana da nasa lektin da wasu sinadarai masu hana narkewar furotin a ciki, shi ma sai da doguwar tafasa, awa ɗaya ga ƙwayar da aka jiƙa kafin a rage wuta. Masu madararsa da awara suna da tarko na musamman: madarar tana yin kumfa ta taso kamar za ta zube tun zafi yana wajen digiri 80. Wannan tasowar ba tafasa ba ce. A rage wuta kaɗan, a juya, kumfa ta kwanta, a ci gaba har ta tafasa da gaske, a bar ta a haka kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Babban farin wake mai faɗi da ake kira lima dafinsa irin na rogo mai ɗaci ne, wanda ke fita da jiƙo da tafasa a ruwa mai yawa, tukunya a buɗe, a kuma zubar da ruwan. Gurjiya da wakenmu na gida ba a san su da irin wannan ciwo na gaggawa ba, illar rashin dahuwarsu kumburin ciki ce da rashin narkewa. Koren wake ɗan gidan waken ƙoda ne, kada a ci shi ɗanye.

Idan an riga an ci

Babu maganin da ke karya wannan dafi, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da aiki a nan tunda ba ƙwayar cuta ba ce. Manja ko madara da ake ɗura wa mutum ba sa cire shi, sai ma su ƙara amai. Abin da ake tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba da ruwan gishiri da sukari na leda da ake sayarwa a kemis, a haɗa yadda aka rubuta a jiki. Idan babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A sha kaɗan-kaɗan, kurɓi ɗaya kowane minti biyu ko uku. Idan an yi amai a jira minti goma a ci gaba. Jariri ya ci gaba da shan nono.

A tafi asibiti ba jira idan mai ciwon ƙaramin yaro ne, tsoho, mai ciki, ko mai ciwon sukari ko ƙoda, ko kuma idan ruwa ya ƙi zama a ciki, fitsari ya ɗauke, ido ya faɗa, mutum ya fara rikicewa. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, ko ciwon da ya kwana bai lafa ba, duk alamu ne cewa ba wake ba ne, wani abu ne daban da ke bukatar likita.

Akwai ciwo biyu da ke kama da wannan ƙwarai, kuma dukansu suna zuwa a abincin biki. Shinkafar da ta dahu ta daɗe a ajiye ba zafi ba sanyi tana iya haifar da amai cikin awa ɗaya zuwa biyar, haka kirim da nama da ƙwai da hannu ya taɓa aka bari a rana. Lokaci kaɗai ba zai raba su ba. Abin da ke rabawa shi ne a tambayi kowa abin da ya ci, har da waɗanda ba su yi ciwo ba, sannan a koma ga ragowar abincin a tsinto wake a raba shi biyu a duba cikinsa. Idan an ga farin tsakiya, kuma mai girki ta ce minti ashirin ya yi a wuta, ragowar da ke firji ba ta ciwuwa a haka. Waken da bai shiga salak ba ana iya mayar da shi tukunya da sabon ruwa ya yi cikakken minti talatin yana tafasa sannan ya ƙarasa laushi. Wanda ya riga ya haɗu da kirim da ganye kuwa sai zubarwa, a rufe shi inda kaji da awaki ba za su kai ba, domin su ma dafin yana kama hanjinsu.